Inda 36 Ta Ɓuya: Bishiyar Faktoci da Takardar Aikin HCF da LCM

A takardar aikin lissafi ta aji ɗaya na ƙaramar sakandare, da wuya a rasa tambaya irin wannan: wace lamba ce mafi girma da za ta raba 360 da 252 ba tare da saura ba? Yaro mai ƙoƙari zai zauna ya jera duk lambobin da ke raba 360, ya jera na 252 a ƙarƙashinsu, sannan ya duba waɗanda suka fito a layukan biyu. Zai ga 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12 da 18. Sai ya ja layi a ƙarƙashin 18 ya wuce tambaya ta gaba, hankalinsa kwance.

Amsar ba daidai ba ce, amma yaron bai yi kuskure a rabawa ko sau ɗaya ba. Tabbas 18 tana raba 360, tana kuma raba 252. Matsalar ita ce akwai wata lamba da ta fi ta girma, wato 36, wadda ba ta zo masa a rai ba lokacin da yake jerawa. Lambobi 24 ne ke raba 360, 18 kuma ke raba 252. Duk wanda ke nemo su da ka, ɗaya bayan ɗaya, to yana iya tsallake wata, kuma babu abin da zai nuna masa cewa ya tsallake. Jerin da ya cika da jerin da ke da giɓi kamanninsu ɗaya a kan takarda.

Wannan ne ya sa malamai ke koyar da bishiyar faktoci. Mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin zanen da ke sa lissafi ya yi wa yara armashi. Amfaninta ya wuce nan: tana ba ɗalibi hanyar da zai tabbatar da kansa cewa bai bar komai a baya ba, in dai ya san inda ita ma takan yaudari mai zana ta.

Abubuwan da ake nema

Fakta ita ce lambar da ke raba wata ba saura. Faktocin 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Ninki kuwa shi ne abin da ake samu idan aka yi ta ƙara lamba a kan kanta: 12, 24, 36, 48, har abin da ya yi sama. Abin da littattafan makaranta a Nijeriya da Gana ke rubutawa HCF shi ne fakta mafi girma da lambobi biyu ko fiye suka yi tarayya a kanta, LCM kuma ninki mafi ƙanƙanta da suka haɗu a kansa. A makarantun Nijar da sauran ƙasashen da ke karatu da Faransanci, su ne PGCD da PPCM.

Akwai wasu lambobi da faktocinsu biyu ne kacal, 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19 da sauransu. Su ake kira lambobin firayim, kuma guda 25 ne a ƙasa da 100. Duk wata lamba da ta haura 1, in ba firayim ba ce, to da su aka gina ta, kuma hanyar ginin guda ɗaya ce tak. Tushen wannan magana yana cikin littafin Euclid, masanin da ya yi zamani a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan Bajamushe Carl Friedrich Gauss ya kawo cikakkiyar hujjarta a littafinsa na shekarar 1801. Saboda wannan ƙa'idar ne ba a sa 1 cikin firayim. Da an sa ta, da 6 ta zama 2 × 3, ta kuma zama 1 × 2 × 3, ta kuma zama 1 × 1 × 2 × 3, hanyoyin ba su da iyaka.

Yadda ake zana bishiyar

Ana rubuta lambar a sama, a fitar mata da rassa biyu, a ƙarshen kowane reshe a rubuta lamba, ta yadda in an ninka su biyun za su ba da ta saman. Ga 360, ido ya fi saurin ganin 36 × 10. Daga nan sai a tambayi kowane reshe: firayim ne ko a'a? In firayim ne, a zagaye shi da biro, ya zama ganye, an gama da shi. In ba firayim ba ne, a sake tsaga shi.

```
          360
        /     \
      36       10
     /  \     /  \
    6    6   2    5
   / \  / \
  2  3  2  3
```

Ganyen su ne 2, 3, 2, 3, 2 da 5. Idan aka shirya su daga ƙarami zuwa babba, 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, wanda ake taƙaitawa 2³ × 3² × 5.

Yara sukan yi gardama a nan, kuma gardama ce mai amfani. Wani ya fara da 36 × 10, wata ta fara da 8 × 45, wani kuma da 2 × 180, kowa yana ganin bishiyar ɗan'uwansa ba ta yi kama da tasa ba. Sai malami ya sa su ƙirga ganyen. Mai 8 × 45 ta samu 2, 2, 2 daga 8, ta samu 3, 3, 5 daga 45. Ganye shida ne, iri ɗaya da na sauran. Siffar bishiya tana canzawa, ganyenta ba sa canzawa. Wannan kaɗai ya isa ya zama hanyar duba aiki: duk wanda ke shakkar bishiyarsa, ya sake zana wata daga mafari daban, in ganyen suka saɓa to akwai kuskure a ɗaya daga cikinsu.

Bishiyar 252 ba ta da wuya. A tsaga ta 4 × 63, 4 ta ba da 2 × 2, 63 ta ba da 9 × 7, 9 kuma 3 × 3. Ke nan 252 = 2² × 3² × 7.

Yanzu a ɗora jerin biyu gefe da gefe. Lambar 360 tana da 2 guda uku, 252 tana da guda biyu, don haka guda biyu ne suka yi tarayya a kansu. Kowacce tana da 3 guda biyu, duk na tarayya ne. Ita 5 ta 360 ce kaɗai, 7 kuma ta 252 ce kaɗai. Abin tarayya shi ne 2 × 2 × 3 × 3, wato 36. Ga HCF ta fito, ba tare da an jera fakta ko ɗaya ba.

LCM kuma lamba ce da dole ta ƙunshi 360 gaba ɗayanta, ta kuma ƙunshi 252 gaba ɗayanta. Saboda haka tana bukatar 2 guda uku domin ta ishi 360, da 3 guda biyu, da 5, da 7. A ninka: 8 × 9 × 5 × 7 = 2520. Wasu malamai sukan zana da'ira biyu masu shiga juna, su zuba ganyen tarayya a tsakiya, ragowar 360, wato 2 da 5, a hagu, ragowar 252, wato 7, a dama. Tsakiyar kaɗai ita ce HCF, dukan abin da ke cikin zanen kuma LCM. Wannan zane ya fi haddar "ɗauki ƙarami a nan, ɗauki babba a can" zama a kai, domin yara da yawa sukan juya haddar a ɗakin jarrabawa: suna jin "mafi girma" a sunan HCF sai su kwashi mafi yawan ganye. Ita 2520, af, lamba ce mai abin sha'awa: ita ce mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 10 ke rabawa ba saura.

Ƙirga kafin a jera

Wani lokaci tambayar ba HCF take nema ba, cewa take a rubuta dukan faktocin lamba. A nan ne bishiyar ke yin aikin da jeri da ka ba zai iya ba, domin tana faɗin adadin faktocin tun kafin a fara neman su.

Kowace fakta ta 360 daga ganyen nan shida ake haɗa ta, babu wani wuri da za ta fito. Mai haɗawa yana da 2 guda uku a gabansa: yana iya ƙin ɗaukar ko ɗaya, ko ya ɗauki ɗaya, ko biyu, ko duka ukun. Zaɓi huɗu ke nan. A wajen 3 yana da zaɓi uku: babu, ɗaya, ko biyu. A wajen 5 zaɓi biyu ne, ya ɗauka ko ya bari. Kowane haɗi yana ba da fakta dabam, don haka adadinsu 4 × 3 × 2 = 24. Wanda bai ɗauki komai ba ya samu 1, wanda ya kwashe duka ya samu 360. Ƙa'idar a taƙaice: a ƙara 1 a kan kowace ƙaramar lambar da ke sama, sannan a ninka su. Ga 252 = 2² × 3² × 7, zai zama 3 × 3 × 2 = 18.

Da wannan adadi a hannu, sai a jera faktocin bibbiyu, ƙarama da abokiyarta babba: 1 × 360, 2 × 180, 3 × 120, 4 × 90, 5 × 72, 6 × 60, 8 × 45, 9 × 40, 10 × 36, 12 × 30, 15 × 24, 18 × 20. Tagwaye 12, faktoci 24, lissafi ya cika. Ba a bukatar a wuce 18, domin 19 × 19 = 361, ta riga ta haura 360, kuma duk wata fakta da ta fi haka girma ta riga ta bayyana a matsayin abokiyar wata ƙarama. Ɗalibin da ya ƙirga nasa ya samu 22 ya san akwai tagwaye ɗaya da suka ɓace, kuma ya san a tsakanin 1 da 18 zai neme su. Galibi 8 × 45 ne ko 15 × 24, domin ba su cikin jadawalin sau da aka haddace a firamare.

Inda bishiyar ke yaudara

Kuskuren farko shi ne ganye ya faɗi a hanya. A bishiyar 360 da ke sama, 36 ta haifi 6 biyu. Yaro mai sauri sai ya tsaga ɗaya ya bar ɗayar, ko kuma wajen kwafe ganyen ya ga 2 da 3 sun maimaitu ya rubuta su sau ɗaya. Ya ƙare da 2 × 3 × 2 × 5. Maganin wannan bai wuce daƙiƙa goma ba: a ninka ganyen a gani ko za su mayar da lambar asali. Nan 60 za su bayar, ba 360 ba. Irin wannan dubawa tana kuma kama wanda ke karanta 2³ a matsayin 2 × 3. Shi 6 × 6 × 5 zai yi, ya samu 180, ya ga bai kai ba.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, domin ninka ganye ba ya tona shi. Shi ne a zagaye lambar da ba firayim ba ce a ce ganye ce. Lambobin cika ba sa ruɗin kowa, haka ma masu ƙarewa da 5. Masu ruɗin su ne lambobin mara da ba su saba fitowa a jadawalin sau ba: 51 ita ce 3 × 17, 57 ita ce 3 × 19, 87 ita ce 3 × 29. Waɗannan uku ana kama su da dabarar tara alƙaluma, domin 5 + 1 = 6, 5 + 7 = 12, 8 + 7 = 15, kuma duk lambar da jimillar alƙalumanta ke rabuwa da 3, ita ma tana rabuwa da 3. Wadda ta gagari wannan dabara ita ce 91. Mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, jimillar alƙalumanta 10. Ga dukan alamu firayim ce. Amma 7 × 13 = 91.

Ga ɓarnar da take yi. A ce an nemi HCF da LCM na 182 da 130. Ɗalibi ya tsaga 182 ya samu 2 × 91, ya zagaye duka biyun. Ya tsaga 130 ya samu 2 × 5 × 13. Ya ninka ganyen kowacce, duk sun mayar da lambar asali. Ya duba tarayya, 2 kaɗai ya gani. Sai ya rubuta HCF 2, LCM kuma 2 × 5 × 13 × 91, wato 11,830. Gaskiyar magana, 182 = 2 × 7 × 13, kuma 13 ɗin da ke ɓoye cikin 91 ita ma ta tarayya ce. HCF 26 ce, LCM kuma 910. Amsar yaron ta ninka ta gaskiya sau 13.

Akwai wata dubawa da littattafai ke yawan bayarwa: ga lambobi biyu, HCF sau LCM daidai yake da lambar farko sau ta biyu. A misalin farko, 36 × 2520 = 90,720, haka ma 360 × 252 = 90,720. Ƙa'ida ce ta gaskiya, amma ana ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. A gwada ta a kan amsar yaron nan da ta karkace: 2 × 11,830 = 23,660, kuma 182 × 130 = 23,660. Ta wuce lafiya lau! Dalili kuwa, abin da ya rage a HCF shi ne ya ƙara a LCM, sai kuskuren biyu suka rufa wa juna asiri. Wannan dubawa tana kama kuskuren ninkawa da ganyen da ya faɗi, ba ta kama firayim na ƙarya. Ba ta kuma aiki a kan lambobi uku: HCF ta 4, 6 da 10 ita ce 2, LCM 60, in an ninka su 120 ne, alhali 4 × 6 × 10 = 240.

To yaya ake tabbatar da ganye? Ba sai an gwada kowace lamba ba. Duk lambar da ba firayim ba ce tana da wata fakta firayim wadda in aka ninka ta da kanta ba za ta haura lambar ba. Tun da 11 × 11 = 121, duk lambar da ba ta kai 121 ba gwaji huɗu ya ishe ta: 2, 3, 5 da 7. In ta tsallake su, firayim ce. Daga 121 zuwa 168 a ƙara 11, daga 169 zuwa 288 a ƙara 13. Masanin lissafin nan na birnin Marrakesh, Ibn al-Banna, wanda ya rasu a 1321, yana cikin waɗanda suka yi bayanin wannan iyaka tun da daɗewa. Abin da ya kamata a lura da shi a aji shi ne, a cikin gwaje-gwajen nan huɗu, na 7 ne kaɗai ba shi da gajeriyar hanyar da yara suka sani, shi ya sa shi ake tsallakewa. Bayan 91, sai 119, 133 da 161 su biyo baya, duk 'ya'yan 7 ne.

A makarantu da yawa a Nijeriya an fi sabawa da tsarin tsani, inda ake ja dogon layi a tsaye, a yi ta raba lambar da 2 har ta ƙi, a koma 3, a koma 5, har a sauko kan 1. Tsani ya fi bishiya tsafta, kuma da wuya ganye ya faɗi a cikinsa tun da layi ɗaya ne. Bishiya kuma ta fi sauri ga wanda ya hango manyan rassa irin 36 × 10. Sai dai su biyun duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe: idan aka iso 91, babu wanda zai hana mai rubutu cewa ta ƙi rabuwa.

Shaida daga waje

Tun da bishiyar ba ta iya tona wannan kuskure da kanta, ana bukatar hanyar da ba ta dogara da sanin firayim ba sam. Akwai ta, kuma tana farkon kashi na bakwai na littafin Euclid. A raba babbar lamba da ƙaramar, a riƙe saura. A raba ƙaramar da sauran, a riƙe sabon saura. A ci gaba har rabo ya tafi daidai. Saura na ƙarshe kafin sifiri shi ne HCF.

A gwada da 182 da 130. A cikin 182 akwai 130 sau ɗaya, saura 52. A cikin 130 akwai 52 sau biyu, saura 26. A cikin 52 akwai 26 sau biyu, babu saura. Amsa 26, kuma ba a tambayi kowa ko 91 firayim ce ba. Yaron da ya rubuta 2 zai ga amsoshinsa biyu sun saɓa, ya koma bishiyarsa ya nemi inda 13 ta maƙale. Haka ma 360 da 252: saura 108, sannan 36, sannan sifiri.

Abin da ya sa hanyar ke aiki mai sauƙi ne. Duk lambar da ke raba 182 da 130 dole ta raba bambancinsu, 52. Don haka neman abin tarayyar 182 da 130 daidai yake da neman na 130 da 52, lambobin suna ta ƙanƙancewa amma amsar ba ta motsa ba.

Malaman gado sun riga sun san LCM

Wanda ya taɓa zama inda ake rabon gado ya ga wannan lissafi ko da bai taɓa jin sunansa na boko ba. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, mahaifiyar tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, sauran na ɗan ne. Kafin a raba, malami zai nemi asalin mas'ala: lamba mafi ƙanƙanta da za a fitar da tumuninta da sudusinta ba tare da an karya ko ɗaya ba. LCM ta 8 da 6 ke nan. Da bishiya, 8 = 2³, 6 = 2 × 3, sai a samu 2³ × 3 = 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, ɗa ya ɗauki 17.

Littattafan fara'id suna da tasu hanyar. Suna duba dangantakar lambobin biyu: ko iri ɗaya ne, ko ɗaya tana shiga cikin ɗaya, ko sun dace a wani kashi, ko kuma babu abin da ya haɗa su. Takwas da shida sun dace a rabi, don haka sai a ɗauki rabin ɗaya a ninka da dukan ɗayar: 4 × 6 = 24. In aka duba da kyau, wannan ita ce ƙa'idar da aka ambata a baya, an ninka lambobin biyu an raba da HCF. Wanda bai lura da dacewar ba zai ninka 8 da 6 ya samu 48. Rabon zai fita daidai, 6 da 8 da 34, amma da lambobi masu nauyi ba gaira ba dalili, kamar dai 11,830 ɗin can. Wannan misali ya fi dacewa da yaran Kano ko Damagaram fiye da tambayar ƙararrawa uku masu kaɗawa a lokuta daban-daban da ke cika littattafan makaranta.

Tambayoyin da ake bayarwa cikin labari suna da tasu matsalar, wato gane wanne ake nema. In ana rarraba abu zuwa kashi-kashi daidai wa daida, HCF ce, kuma amsar ba za ta fi ƙaramar lambar ba. Littattafai 360 da biro 252, ana so a ƙulla su ƙunshi iri ɗaya mafi yawa ba saura: ƙunshi 36, kowanne da littafi 10 da biro 7. In kuwa ana jiran abubuwa masu zagayowa su sake haɗuwa, ko ana neman lambar da kowa zai shiga cikinta, LCM ce, kuma amsar ba za ta gaza babbar lambar ba. Duk wanda ya samu HCF da ta fi ɗaya daga cikin lambobinsa girma, to ya juya su ne.

Yadda takardar ya kamata ta kasance

Yawancin takardun aiki jerin tambayoyi ne da ɗan gurbin amsa a gefe. Irin wannan tana nuna wa malami wanda ya faɗi, ba ta nuna masa inda aka faɗi. Wadda ta fi amfani tana ba kowace lamba fili mai faɗi na zana bishiya, domin rassa da aka cusa a lungu su ne ke haɗiye ganye. A ƙarƙashin filin akwai layi na jera ganye daga ƙarami zuwa babba, sai layin ninka su a mayar da lambar asali, sai kuma gurbin da ɗalibi zai rubuta firayim ɗin da ya gwada a kan duk ganyen da ya haura 10. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne wanda ake yawan mantawa, alhali shi ne ke tilasta wa yaro raba 91 da 7 maimakon ya kalle ta ya yanke hukunci. A saman takardar ana iya rubuta firayim goma na farko, daga 2 zuwa 29, don kada a ɓata lokaci wajen tuno su.

Zaɓen lambobin ma aiki ne. Tambaya 20 da duk aka gina su da 2, 3 da 5 ba su koyar da abin da tambaya takwas da aka zaɓa da niyya za su koyar. Ana farawa da masu sauƙi irin 24 da 60, domin hannu ya saba. Sai 72 ko 360, masu ganye da ke maimaituwa. Sai a sa lamba ɗaya a ce a zana mata bishiya biyu daga mafari daban. Ya kamata a saka tagwayen da ɗaya ke shiga cikin ɗaya, kamar 15 da 45, inda HCF ita ce ƙaramar, LCM kuma babbar, abin da ke sa yara shakkar amsarsu ko da daidai ce. A saka kuma waɗanda babu abin da ya haɗa su, kamar 16 da 35: yara da yawa sukan rubuta sifiri ko su ce babu, alhali amsar 1 ce, LCM kuma 560.

A kula da abu ɗaya wajen ɗana tarkon 91. Idan aka ba da 182 da 273, wato 2 × 91 da 3 × 91, ɗalibin da ya ɗauki 91 firayim zai samu HCF 91, kuma amsarsa daidai ce. Zai ci maki da kuskurensa a ciki. Dole abokiyar tambayar ta ƙunshi 7 kaɗai ko 13 kaɗai, kamar 130, kafin tarkon ya kama.

Tambayar ƙarshe, ga waɗanda suka gama da wuri, tana iya zama 221 da 323. Babu wadda 2, 3, 5, 7 ko 11 ke rabawa a cikinsu, don haka mai gaggawa zai ce duk firayim ne, HCF 1. Wanda ya bi ƙa'idar iyaka zai lura cewa 221 ta haura 169, sai ya gwada 13 ya samu 13 × 17. Ita kuma 323 ta haura 289, wato 17 × 17, don haka sai an kai ga gwada 17 kafin 17 × 19 ta bayyana. Hanyar Euclid za ta tabbatar a layi uku: 323 a raba da 221 saura 102, 221 a raba da 102 saura 17, 102 a raba da 17 babu saura. HCF 17, LCM 13 × 17 × 19, wato 4,199.